Yadda ake yanka bidiyo gunduwa-gunduwa don kada ya riƙa tsayawa idan netwok ya yi rauni

Wataƙila ka taɓa kallon bidiyo a intanet kana cikin mota, hoton yana fes, sai kuka shiga wani wuri da sabis ya ja baya. Maimakon bidiyon ya tsaya, sai fuskokin mutane suka ɗan yi dishi-dishi, magana kuma ta ci gaba ba yankewa. Bayan minti ɗaya ko biyu hoton ya dawo garau. Mutane da yawa suna ɗauka cewa sabar kamfanin ce ke lura da ƙarfin netwok ɗinka tana rage ingancin bidiyon nan take. Ba haka abin yake ba. Tun kafin ka danna bidiyon an riga an shirya kwafinsa da yawa, daga mai nauyi zuwa mara nauyi, an kuma yayyanka kowane kwafi zuwa guntaye na 'yan sakanni. Wayarka ce da kanta take zaɓar kwafin da za ta ɗebo guntu na gaba daga cikinsa.

A bara ne aikin nan ya faɗo kaina. An ɗauki wani darasi na minti 20 da waya a sashenmu, aka ce in ɗora shi yadda ɗalibai za su kalla daga gida. Fayil ɗin ya kai gigabayit 2.4, domin wayar ta ɗauka ne a 1080p, tana zuba kusan megabit 16 a kowane sakan. Ɗalibin da netwok ɗinsa ke kawo masa megabit 1 a sakan zai jira sakan 16 kafin ya samu sakan ɗaya na kallo, ga kuma datarsa da za ta ƙare tun malam bai gama gabatarwa ba. Da wannan bidiyon zan yi misali daga farko har ƙarshe.

Tsarin da na yi amfani da shi sunansa HLS. Kamfanin Apple ne ya fito da shi a 2009, aka kuma wallafa ƙa'idojinsa a 2017 a takardar da ake kira RFC 8216. Akwai takwaransa MPEG-DASH, wanda tunaninsu ɗaya ne sai dai salon rubuta jerin guntayen ya bambanta. Wanda ya gane ɗaya ba zai sha wahalar ɗayan ba.

Tsani mai matakai huɗu

Abu na farko shi ne yanke shawarar kwafi nawa za a yi, kuma kowanne da wane nauyi. Masu wannan sana'a suna kiran jerin kwafin da tsani, kowane kwafi mataki ne. Abu biyu ke bambanta mataki da ɗan'uwansa. Akwai girman hoto, wato yawan fiksel a faɗi da tsayi. Akwai kuma yawan bit da ake kashewa a kowane sakan na bidiyon. Na biyun ne ke nuna ko netwok zai iya ɗauka, shi ne kuma ke cin data. Girman hoto yana bin sa ne kawai: idan bit ɗin ya yi kaɗan, gara ƙaramin hoto mai tsabta da babban hoto mai cike da dabbare-dabbare.

Ga abin da na zaɓa wa darasin namu. Sauti iri ɗaya ne a duka matakan, kilobit 64 a sakan, wanda ya ishi muryar mutum ɗaya. Hoto kuwa, mataki na ƙasa 426x240 ne a kan kilobit 300, na biyu 640x360 a kan kilobit 700, na uku 960x540 a kan kilobit 1400, na sama kuma 1280x720 a kan kilobit 2500.

Lissafin data ba shi da wuya. Ka haɗa na hoto da na sauti, ka ninka da yawan sakan, ka raba da 8 domin bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Minti 20 sakan 1200 ne. Mataki na ƙasa zai ci kusan megabayit 55, na biyu 115, na uku 220, na sama 385. Ainihin fayilolin za su ɗan zarce haka saboda nauyin mazubin da ake zuba su a ciki, zan dawo kan wannan. Amma ko a nan ka ga tazarar da ke tsakanin gigabayit 2.4 da megabayit 55.

Ka lura kowane mataki ya kusa ninka na ƙasa da shi sau biyu. Da gangan ne. Idan matakai biyu suka yi kusa da juna sosai, kamar 700 da 800, ido ba zai ga bambanci ba, ka ɓata lokacin matsewa da wurin ajiya a banza. Idan kuma tazarar ta yi yawa, kamar daga 300 a yi tsalle zuwa 2500, mai netwok na megabit 2 zai maƙale a hoton da bai cancance shi ba alhali layinsa zai iya ɗaukar abin da ya fi haka sau biyar.

Ban saka 1080p ba duk da cewa asalin bidiyon haka yake. Kusan duk masu kallon a waya za su kalla, kuma a fuskar waya da wuya ka bambance 720p da 1080p a bidiyon mutum tsaye gaban allo. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne saka matakin da ya fi asalin girma. Bidiyon da aka ɗauka a 480p, in ka buɗa shi zuwa 720p, nauyi kawai ka ƙara masa.

Waɗannan lambobi ba doka ba ne. Darasi ba shi da motsi sosai, shi ya sa kilobit 2500 ya wadatar a 720p. Wasan ƙwallo ko hawan salla, inda dawakai da ƙura da jama'a ke motsi ta ko'ina, zai nemi fiye da haka a girman hoto iri ɗaya. Kamfanin Netflix ya yi bayani a ƙarshen 2015 cewa ya daina amfani da tsani ɗaya ga dukkan finafinansa, kowane fim ana auna masa nasa, saboda wannan dalilin.

Inda wuƙa za ta iya shiga

Nan ne gundarin aikin yake, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Bidiyo hotuna ne da ke wucewa da sauri, a namu 30 a kowane sakan. Amma manhajar da ke matse bidiyo ba ta ajiye kowane hoto ɗungurungum. Takan ajiye cikakken hoto guda ɗaya, sannan hotunan da ke biye ta rubuta bambanci kawai: hannun malam ya matsa dama kaɗan, leɓensa ya buɗe, allo da bango suna nan yadda suke. Wannan dabara ce ta sa bidiyo ke raguwa sosai. Illarta ita ce hoton bambanci ba shi da ma'ana shi kaɗai. Kamar a ce maka "ƙara biyu" ba a faɗa maka a kan nawa za ka ƙara ba. Dole sai an faro daga cikakken hoton da ya gabace shi.

Saboda haka ba a yanka bidiyo a duk inda aka ga dama. Kowane guntu sai ya fara da cikakken hoto, domin manhajar kallo ta iya buɗe shi ba tare da ta ga guntun da ya wuce ba.

To yanzu ka tuna kwafi huɗu ne da mu. A ce wayar ɗalibi ta kalli guntu na 10 daga matakin 720p, netwok ya yi ƙasa, sai ta nemi guntu na 11 daga matakin 360p. Idan ana so kada ɗalibin ya ji komai, dole guntu na 11 na 360p ya fara daidai inda guntu na 10 na 720p ya ƙare. Ma'ana, cikakkun hotunan duka kwafi huɗun su faɗo a lokaci ɗaya, babu gaba babu baya.

Wannan ba ya faruwa da kansa. Manhajar x264, wadda aka fi amfani da ita wajen matse bidiyo zuwa tsarin H.264, in ka bar ta da ra'ayinta, tana iya kaiwa hoto 250 kafin ta saka cikakke. A hoto 30 cikin sakan, wannan ya haura sakan 8. Sannan duk inda ta ga yanayin hoton ya sauya gaba ɗaya, kamar kyamara ta juya daga malam zuwa ɗalibai, sai ta cusa cikakken hoto a wurin ta sake fara ƙirga. Ga bidiyon da za a ajiye a kalla a matsayin fayil ɗaya, wannan wayo ne mai kyau. Ga namu aikin kuwa matsala ce, domin hukuncin da za ta yanke a kan hoton 240p ba lallai ya zo ɗaya da na 720p ba. Sau ɗaya ya isa: da zarar kwafi ɗaya ya saka cikakken hoto inda sauran ba su saka ba, ƙirgarsa ta rabu da tasu.

Maganin shi ne a ƙwace mata wannan zaɓin. A ce mata ta saka cikakken hoto bayan kowane hoto 60, wato kowane sakan 2, kuma kada ta ƙara ko ɗaya don kanta. Tsawon guntu kuma a sa shi sakan 6, wanda sakan 2 ke raba shi daidai sau uku. Waɗannan lambobi biyu su ne shawarar da Apple ke bayarwa a ƙa'idojinsa na shirya HLS.

Me ya sa sakan 6? Gajeren guntu yana ba waya damar sauya mataki da wuri, amma yana ƙara yawan fayiloli da yawan aiken da waya za ta yi zuwa saba, kuma kowane aike yana da nasa jinkirin. Dogon guntu yana rage wannan, sai dai idan netwok ya faɗi a tsakiyar sauke wani ƙato, an daɗe kafin a farga. Da can sakan 10 aka fi yi. Ga bidiyon da aka riga aka ɗauka, tsakanin 4 da 6 ba ka da damuwa. A namu, sakan 1200 a raba da 6 ya ba da guntu 200 a kowane mataki, 800 ke nan gaba ɗaya.

Umarnin kansa

Kayan aikin shi ne ffmpeg, manhaja ce ta kyauta da ake ba umarni a rubuce. Ga na matakin 360p. Sai ka fara buɗe folda mai suna `360p`, domin ba zai buɗe maka ba.

```
ffmpeg -i darasi.mp4 -vf "fps=30,scale=-2:360" \
  -c:v libx264 -profile:v main -pix_fmt yuv420p \
  -b:v 700k -maxrate 770k -bufsize 1400k \
  -g 60 -keyint_min 60 -sc_threshold 0 \
  -c:a aac -b:a 64k \
  -f hls -hls_time 6 -hls_playlist_type vod \
  -hls_segment_filename "360p/g_%03d.ts" 360p/jeri.m3u8
```

Layi na huɗu shi ne duk abin da muka gama tattaunawa. `-g 60` da `-keyint_min 60` suna kafe tazarar a hoto 60, `-sc_threshold 0` kuma yana hana cusa cikakken hoto idan yanayi ya sauya.

`fps=30` da ke layin farko yana kama da ƙari, amma yana da aiki. Wayoyi da yawa ba sa riƙe gudu ɗaya wajen ɗauka. In haske ya ragu ko wayar ta yi zafi, yawan hotuna a sakan yakan sauka. Idan haka ta faru, hoto 60 ya daina zama sakan 2, guntayenka su fito da tsawo barkatai. Wannan umarni yana daidaita gudun kafin a fara ƙirga. Idan asalin bidiyonka 25 ne a sakan, ka bar shi a 25 ka mayar da tazarar 50. Shi kuma `-2` da ke cikin `scale` cewa yake a lissafa faɗi gwargwadon tsayi, a tabbatar lambar tana rabuwa da biyu, saboda H.264 a wannan tsarin launi ba ya karɓar mara.

Layi na uku ya shafi nauyi. `-b:v` matsakaici ne kawai. In ka bar shi shi kaɗai, manhajar za ta yi tsimi a wuraren da babu motsi ta zo ta kashe ninki biyu ko uku a inda motsi ya yi yawa. Matsakaicin zai fito daidai, amma guntu ɗaya a tsakiya zai yi ƙiba, kuma a kansa ne bidiyon zai tsaya wa mai ƙaramin netwok. `-maxrate` da `-bufsize` su ne linzamin da ke hana wannan.

Sauran matakai ukun, umarnin ɗaya ne. Abin da ke canzawa shi ne tsayin hoto, lambobin layi na uku, da sunan folda. Kada ka taɓa layi na huɗu ko `-hls_time`. Kuma kowane mataki daga asalin fayil za a ciro shi. Kada ka matse 720p sannan ka ciro 360p daga cikinsa, domin duk lahanin matsewar farko zai bi shi. Ana iya haɗa duka huɗun a umarni ɗaya, amma ni na fi son ɗaya bayan ɗaya, ko don in an ɗauke wuta a tsakiyar aiki mataki ɗaya kawai zan sake.

Akwai kalmar da na manta a gwajina na farko, ta kuma ba ni kunya. Ban saka `-hls_playlist_type vod` ba. Aiki ya gama lafiya, guntaye 200 suna nan a folda, na ɗora na tura wa abokin aikina. Can sai ga saƙonsa: "Malam, darasin naka sakan 30 ne? Ina buɗewa na tarar ana sallama." Dalili shi ne ffmpeg, in ba ka ce masa komai ba, guntaye biyar na ƙarshe kawai yake bari a jeri, kamar yadda ake yi wa shirin kai tsaye inda tsofaffin guntaye ke zubewa. Biyar sau 6, sakan 30 ke nan.

Jeri biyu, ƙarami da babba

Bayan guntayen, kowace folda za ta samu fayil mai suna `jeri.m3u8`. Rubutu ne zalla, kana iya buɗe shi ka karanta. Ga kamanninsa, na taƙaita shi zuwa guntu biyu:

```
#EXTM3U
#EXT-X-VERSION:3
#EXT-X-TARGETDURATION:6
#EXT-X-MEDIA-SEQUENCE:0
#EXT-X-PLAYLIST-TYPE:VOD
#EXTINF:6.000000,
g_000.ts
#EXTINF:6.000000,
g_001.ts
#EXT-X-ENDLIST
```

Kowane `#EXTINF` yana faɗin tsawon guntun da ke ƙarƙashinsa. Layin ƙarshe yana sanar da manhajar kallo cewa bidiyon ya ƙare a nan. In babu shi, za ta ɗauka shirin kai tsaye ne ta yi ta dawowa neman sabon guntu.

A wannan fayil ne za ka gane ko yankan ya yi daidai, tun kafin ka kalli komai. Idan ka ga 6.000000 daga sama har ƙasa, ban da na ƙarshe wanda zai iya zama saura, to madalla. Idan kuwa ka ga 8.333333, ko lambobi suna hawa suna sauka, layi na huɗu bai yi aiki ba. ffmpeg ba ya yanka a sakan 6 don ka ce 6. Yana jira ne lokacin ya cika, sannan ya yanka a cikakken hoto na gaba, ko da ya yi nisa. Tunda sunayen guntaye iri ɗaya ne a duk foldojin, akwai gwaji mai sauƙi:

```
diff 240p/jeri.m3u8 720p/jeri.m3u8
```

In bai nuna komai ba, jerin biyu sun zo ɗaya. In ya zubo layuka, matakan sun saɓa. Alamar wannan a wajen mai kallo ita ce, daidai lokacin da inganci ke sauyawa, sai hoto ya daskare na ɗan lokaci, ko a maimaita kalmar da malam ya riga ya faɗa, ko a tsallake wata. Wasu manhajojin kallo suna iya rufa asiri ta hanyar sake sauke guntun da ya haɗa wurin, amma da datar ɗalibi suke biyan wannan gyaran.

Sai babban jeri, wanda shi ne adireshin da za a ba manhajar kallo. Shi ba ya ambaton guntu ko ɗaya, matakan kawai yake lissafawa. Da hannu na rubuta nawa:

```
#EXTM3U
#EXT-X-STREAM-INF:BANDWIDTH=940000,RESOLUTION=640x360
360p/jeri.m3u8
#EXT-X-STREAM-INF:BANDWIDTH=460000,RESOLUTION=426x240
240p/jeri.m3u8
#EXT-X-STREAM-INF:BANDWIDTH=1780000,RESOLUTION=960x540
540p/jeri.m3u8
#EXT-X-STREAM-INF:BANDWIDTH=3100000,RESOLUTION=1280x720
720p/jeri.m3u8
```

A cikakken aiki ana ƙara `CODECS` a kowane layi, domin na'ura ta san ko za ta iya buɗe matakin tun kafin ta sauke shi. Na cire shi a nan don layukan su karantu.

Za ka ga 360p an rubuta masa 940000, alhali mun ce 700 da 64, wato 764000. Ba kuskure ba ne. `BANDWIDTH` ba matsakaici yake nufi ba, nauyin guntu mafi nauyi yake nufi, haɗe da sauti da mazubi. Fayilolin `.ts` suna zuba komai ne a ƙananan ƙunshi masu bayit 188, kowanne da nasa kan bayani, wani lokaci har da ciko, kuma wannan ƙarin ya fi fitowa fili a ƙananan matakai. Hanyar samun lambar gaskiya ita ce ka duba fayil mafi girma a foldar. A ce bayit 700,000 ne. Ka ninka da 8 ka raba da 6, ka samu kusan 933,000, sai ka ɗan ɗaga shi.

Wannan lamba ce manhajar kallo ke dogara da ita, don haka ƙarya a nan tana da tsada. In ka rubuta ƙasa da gaskiya, waya za ta hau matakin da ya fi ƙarfinta ta maƙale. In ka zuzuta, za ta zauna a ƙasa tana tsoron matakin da za ta iya.

Ka kuma lura 360p na sa a farko, ba don tsari ba. Lokacin da aka danna bidiyo, manhajar ba ta riga ta auna netwok ba, kuma da yawa daga cikinsu suna farawa ne da matakin da aka fara ambata. In 720p ne a sama, mai raunin sabis zai daɗe yana kallon da'ira tana juyawa kafin a fara. In 240p ne, kowa zai fara da hoton da ba a iya karanta rubutun allo. Na biyu daga ƙasa ya fi mini daidai da masu kallona.

Batun rubutun allo ma, shi ne raunin tsanin nan nawa. A 240p muryar malam tana fita sarai, amma lissafin da ya rubuta sai ka yi ta ƙifta ido. Da zan sake, matakin ƙasa zan bar shi a 360p in rage masa yawan hotuna zuwa 15 a sakan, domin darasi ya fi bukatar kaifin hoto a kan santsin motsi. In an yi haka sai tazarar ta koma hoto 30, don cikakken hoto ya ci gaba da faɗowa kowane sakan 2 tare da sauran.

Abin da waya ke yi da su

Saba ba ta da wani wayo a wannan tsari. Fayiloli ne kawai a ajiye, duk wanda aka nema ta miƙa, kamar yadda take miƙa hoto ko takarda. Duk lissafin a wayar yake. Tana sauke guntu, ta duba sakan nawa ya ɗauka, ta kuma duba sakan nawa na bidiyo take da shi a ajiye wanda ba a kalla ba tukuna.

Mu ɗauki ɗalibin nan mai megabit 1 a sakan. Guntun 720p kusan megabayit 1.9 ne, zai ɗauke shi sakan 15 da ɗoriya kafin ya sauka, alhali sakan 6 kawai zai yi ana kallo. Kowane guntu yana cin sakan 9 daga ajiya, nan da nan za ta ƙare bidiyo ya tsaya. Guntun 360p kuwa kusan kilobayit 570 ne, yana sauka cikin ƙasa da sakan 5. Ana samun rarar sakan ɗaya da wani abu a kowane guntu, ajiya tana ƙaruwa a hankali. Nan wayar za ta zauna. In sabis ya inganta ta ga guntaye suna sauka cikin sakan ɗaya ko biyu, sai ta gwada hawa. Yawancin manhajoji suna saurin sauka amma suna jan ƙafa wajen hawa, domin tsayawar bidiyo ta fi ɓata wa mai kallo rai a kan ɗan dishi-dishi.

Wani abu da ya kamata a sani: wannan tsari ƙarfin netwok yake aunawa, bai san nawa ne ya rage maka a data ba. Mai 4G mai ƙarfi da megabayit 200 kacal za a kai shi 720p, datarsa ta ƙare a tsakiyar darasi. Shi ya sa yake da kyau manhajar kallon ta kasance da maɓallin da mutum zai zaɓi mataki da hannunsa.

Bayan an ɗora fayilolin akwai tuntuɓe biyu da suka fi yawa. Safari yana kunna HLS da kansa, amma wasu burauzoji suna bukatar ƙaramar manhaja irin su hls.js a cikin shafin. Idan shafin yana wani adireshi, guntayen kuma suna wani, burauza za ta ƙi karɓar su sai sabar guntayen ta aiko da izini mai suna `Access-Control-Allow-Origin`. Alamarsa ita ce bidiyo yana yi a VLC amma a shafi baƙi ƙirin. Na biyu, tsarin foldoji dole ya tafi yadda yake, domin babban jeri yana neman `360p/jeri.m3u8` ne daga inda shi kansa yake zaune. Ka canza sunan folda ɗaya, matakin ya ɓace.

Gwajin ƙarshe a kwamfuta ake yi. Ka buɗe shafin a Chrome, ka danna F12, ka shiga `Network`. Za ka ga guntaye suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da sunan foldar kowanne. Akwai wurin da ake rage gudun intanet da gangan, ka zaɓi na 3G ana cikin kallo. Bayan guntu ɗaya ko biyu ya kamata ka ga an bar foldar `720p` an koma ta ƙasa, lambar guntu kuma ta ci gaba daga inda take, misali daga `g_041.ts` zuwa `g_042.ts`. Hoton da kake gani ba zai sauya nan take ba, sai an cinye abin da ke ajiye. Ka sa kunne daidai wurin sauyin, ka ji ko maganar malam ta wuce ba tare da ko harafi ɗaya ya maimaitu ba. Daga nan ka mayar da gudun yadda yake, ka jira ka ga ta sake hawa.